Darasin Inshora: Maye Gurbi a Takardar Biyan Diyya, da Abin da Ya Rage a Hannun Mai Kaya

Kasuwar Creek Road tana tsohon garin Fatakwal ne, dab da bakin ruwa inda jiragen Bonny da Nembe suke lodi. An fi saninta da kifi da sauran kayan ruwa, amma kamar sauran kasuwannin birnin, wake da albasa da busasshen barkono da ake sayarwa a cikinta daga Arewa suke zuwa. Kafin buhun wake ya bar Dawanau a Kano ya sauka Fatakwal, sai ya yi kwanaki a bayan tirela, a hannun direban da ba yaron mai kayan ba ne, cikin motar da ba tasa ba ce. Saboda haka ne wasu manyan fatake suke yi wa kayansu inshorar hanya.

Idan tsautsayi ya auku, kamfanin inshora ya amince zai biya, ba ya sakin kuɗi sai ya aiko da takardu a sa hannu. Ɗaya ita ce baucar sallama, wadda mai kaya ke shaida cewa ya karɓi diyyarsa. Ɗayar kuma, wadda wani lokaci sakin layi ɗaya ce tak a cikin wasiƙar, ita ce ta maye gurbi, abin da ake kira sabrogeshan da Turanci. Yawancin 'yan kasuwa adadin kuɗin kawai suke dubawa su sa hannu. Wannan darasi zai bayyana abin da mutum yake miƙawa da wannan sa hannu, da abin da ya rage masa, da kuma kuskuren da kan sa a nemi ya mayar da kuɗin da ya riga ya karɓa.

Ma'anar maye gurbi

Inshorar dukiya an gina ta ne a kan ƙa'ida ɗaya: a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba tare da ya ci riba da asarar ba. To amma sau da yawa wanda kayansa suka salwanta yana da ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa. Akwai kamfanin inshora wanda ya yi alkawarin biya, akwai kuma wanda sakacinsa ya jawo ɓarnar, wanda shari'a ta ɗora wa ramuwa. Da za a bar shi ya karɓa daga ɓangarorin biyu, da ya fita da ninkin abin da ya rasa. Da kuma za a ce tunda inshora ta biya magana ta ƙare, da mai sakaci ya sha ke nan.

Maye gurbi shi ne maganin waɗannan abubuwa biyu. Da zarar kamfani ya biya diyya, sai ya tsaya a matsayin mai kaya wajen bin wanda ya yi ɓarnar, har ya maido abin da ya biya. Haka kuma duk abin da ya shigo hannun mai kaya domin rage wannan asara, kamfanin yana da haƙƙi a cikinsa.

Shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita a kan wannan ita ce ta Castellain da Preston, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke a 1883. Mai wani gida a Liverpool ya ƙulla cinikin sayar da gidansa a kan fam 3,100. Kafin a kammala cinikin sai gobara ta taɓa gidan, kamfanin inshora ya biya fam 330. Daga baya mai saye ya biya cikakken kuɗin ciniki ba ragi. Kotu ta ce tunda mai gida bai yi asarar komai ba a ƙarshe, sai ya mayar wa kamfanin fam 330 ɗin. Nijeriya ta gaji wannan ƙa'ida daga shari'ar Ingila, kuma Dokar Inshorar Jiragen Ruwa ta 1961 ta rubuta ta a sarari. A shekarar 2025 aka haɗe tsofaffin dokokin inshora na ƙasar cikin sabuwar doka guda, amma ga ɗan kasuwa, inda zai ci karo da maye gurbi shi ne cikin takardar yarjejeniyarsa da kuma wasiƙar biyan diyya.

Ya kamata a lura cewa ƙa'idar ba ta shafi inshorar rai ko ta haɗarin jiki mai ƙayyadadden kuɗi ba, domin rai da gaɓa ba su da farashin da za a ce an biya ya wuce kima. Ta shafi kaya, da mota, da shago, da sito.

Misali daga hanyar Inugu

A ƙaddara wani falke mai rumfa a Creek Road ya sayi wake buhu 300 a Dawanau. Domin sauƙin lissafi, a ɗauka kowane buhu Naira 100,000 ne, jimla Naira miliyan 30. Ya yi wa kayan inshorar hanya a kan cikakken kuɗinsu. A yarjejeniyar an rubuta cewa a kowace asara shi zai ɗauki kashi 10 cikin ɗari da kansa, kamfani ya biya sauran. Wannan shi ne kason mai kaya, kuma kusan kowace inshorar kaya tana da irinsa.

A kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, wajen Okigwe, barci ya kwashe direba, tirela ta kife. Ruwan sama ya jiƙa wasu buhunan, wasu suka fashe, wasu aka kwashe. Da mai ƙiyasta asara na kamfanin ya zo ya ƙirga, sai ya tabbatar da buhu 100 sun salwanta, wato Naira miliyan 10. Aka cire kason mai kaya Naira miliyan 1, kamfani ya amince zai biya Naira miliyan 9. Ban da wannan, falken ya kashe Naira 800,000 wajen ɗaukar wata mota da 'yan dako domin a ƙarasa da sauran buhunan, kuma a wannan misali yarjejeniyarsa ba ta ƙunshi irin wannan kashin ba.

Saboda haka asararsa kashi uku ce. Akwai miliyan 9 da kamfani zai biya, akwai miliyan 1 na kasonsa, akwai kuma Naira 800,000 da inshora ba ta taɓa ba. Mai motar, wanda direbansa ya yi sakaci, shi ake bi dukkan ukun. Tambayar da takardar maye gurbi take amsawa ita ce: wane ne zai bi shi, kuma in an samo wani abu, wa zai fara ɗauka?

Abin da takardar take ƙunsa

Lafazin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi abubuwa huɗu ne a ciki.

Na farko, mai kaya ya amince cewa ya karɓi kuɗi kaza, kuma kamfani ya maye gurbinsa a duk wani haƙƙi da yake da shi a kan mai mota ko wani daban, gwargwadon abin da aka biya.

Na biyu, ya ba kamfani izinin shigar da ƙara da sunansa. Wannan yakan ba mutane mamaki. Kamfanin inshora ba shi da wata alaƙa da mai mota. Wanda ya ba da kaya a ɗauka shi ne mai haƙƙi. Don haka sunan falken ne zai fito a takardar kotu a matsayin mai ƙara, ko da yake lauyan kamfani ne yake gudanar da shari'ar. Ana iya kiransa ya ba da shaida. Abin da ya kamata ya tabbatar an rubuta shi ne cewa kamfani ne zai ɗauki kuɗin shari'ar, har da wanda kotu za ta ɗora idan aka faɗi.

Na uku, ya yi alkawarin ba da haɗin kai: ya miƙa takardar lodi, da rasit ɗin sayen kaya, da rahoton 'yan sanda, da hotunan wurin haɗari, da sunayen waɗanda suka shaida.

Na huɗu, kuma a nan ne gizo yake saƙa, ya tabbatar cewa bai yi sulhu da kowa ba, bai yafe wa kowa ba, bai karɓi komai ba, kuma ba zai yi haka nan gaba ba sai da yardar kamfani a rubuce.

Inda sulhu yake zama tarko

A al'adar kasuwancin Hausawa mazauna kudu, irin wannan magana ba kasafai take kai wa kotu ba. Mai mota sananne ne, mai yiwuwa ya shekara goma yana ɗauko wa falken kaya. Shugabannin ƙungiyar masu motoci da dattawan kasuwa sukan zauna, wani lokaci a gaban Sarkin Hausawa, a ce tsautsayi ne, a roƙi mai kaya ya yi haƙuri. Mai mota ya kawo abin da ya sawwaƙa, a rubuta takarda cewa magana ta mutu, kowa ya sa hannu, a yi addu'a a tashi. Wannan hanya ta daɗe tana kare zumunci, kuma ga wanda ba shi da inshora babu laifi a cikinta.

Ga mai inshora kuwa, lamarin ya sha bamban. A ƙaddara falken ya karɓi Naira miliyan 2 daga mai mota, ya sa hannu cewa ya yafe sauran. A ganinsa ya cike giɓin Naira miliyan 1 da dubu 800 da inshora ba ta biya ba. Amma kamfani ba ya da wani haƙƙi a kan mai mota sai wanda ya samu ta hannun falken. Tunda falken ya kashe haƙƙin, kamfani ba shi da abin da zai bi. Ya yafe bashin miliyan 9 da ba nasa kaɗai ba ne.

Sakamakon ya danganta da lokacin da aka yi sulhun. In kafin a biya diyya ne, kamfani yana iya rage abin da zai biya gwargwadon haƙƙin da aka lalata masa, ko ya ƙi biya bisa sharaɗin yarjejeniya. In bayan biya ne, yana iya neman kuɗin da aka karɓa, ya kuma nemi falken ya rama masa abin da zai iya samowa daga mai mota da ba a yafe ba. In kuma falken ya sa hannu a takardar maye gurbi yana cewa bai karɓi komai ba alhali ya karɓa, to ya ƙara wa kansa wata matsalar, ta faɗin abin da ba haka ba.

Wannan ba ya nufin mai inshora ba zai zauna da dattawa ba. Yana iya zama, amma ya shaida musu tun farko cewa akwai wani mai haƙƙi da ba ya wurin. Duk tayin da aka yi, a kai wa kamfani a rubuce, a jira amsarsa. Kamfanoni da kansu sukan yi sulhu, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Abin da ba sa yarda da shi shi ne a yi sulhun a bayan idonsu.

Akwai bambanci tsakanin wannan da gudummawar 'yan'uwa. Idan abokan kasuwa suka haɗa wa falken kuɗi domin jaje, wannan kyauta ce da aka nufe shi da ita, ba biyan ɓarna ba ce, kuma kamfani ba ya shiga ciki. Amma kuɗin da ya fito daga hannun mai motar, ko da an kira shi jaje, ana iya ɗaukarsa a matsayin ragin asara. Abin da ake dubawa shi ne manufar bayarwa, don haka yana da kyau a rubuta ta.

Yadda ake raba abin da aka samo

A ƙaddara ba a yi sulhu a ɓoye ba, kamfani ya bi mai mota. In an samo Naira miliyan 10 cif na kuɗin wake, rabon a fili yake: kamfani miliyan 9, falke miliyan 1. Amma ba kullum ake samun duka ba. Inshorar dole da mota take yawo da ita ta kare mutanen waje ce da dukiyarsu, galibi ba ta ɗaukar kayan da aka loda a cikin motar kanta. In mai motar bai yi wata inshorar daban domin kayan mutane ba, daga aljihunsa zai biya.

To a ce miliyan 6 aka samo. Mutane da yawa suna zaton mai kaya ne zai fara cire kasonsa. A shari'ar Napier da Hunter ta 1993, kotun ƙoli ta Ingila a wancan lokaci, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke akasin haka. Ta ce wanda ya amince zai ɗauki kason farko na asara ya zama tamkar shi ya yi wa kansa inshorar wannan kaso, don haka shi ne na ƙarshe a layi. Bisa wannan, kamfani zai ɗauke miliyan 6 ɗin duka, falken bai samu komai daga miliyan 1 ɗinsa ba. Hukuncin Ingila na wannan zamani bai zama tilas a kan kotunan Nijeriya ba, amma suna yawan jingina da irinsa a harkar inshora.

Sai dai yarjejeniya tana iya tsara wani rabon daban. In an rubuta cewa za a raba ne gwargwadon asarar kowa, to kamfani yana da kashi 9 cikin 10, falke kashi 1. Daga miliyan 6, kamfani zai ɗauki miliyan 5 da dubu 400, falke ya samu dubu 600. Layi ɗaya a takarda shi ne tsakanin dubu 600 da hannu wofi, kuma lokacin neman wannan layi shi ne kafin a sa hannu.

Naira 800,000 na hayar mota kuwa, tunda kamfani bai biya shi ba, abin da kotu ta ba da a kansa na falken ne. Haɗarin da ke nan shi ne a manta da shi. Ƙa'idar shari'a ita ce ba a kai mutum ƙara sau biyu a kan ɓarna guda. In lauyan kamfani ya nemi miliyan 9 kawai da sunan falken, aka yanke hukunci, da wuya falken ya iya komawa daga baya ya nemi sauran. Don haka ya rubuta wa kamfani jerin asarar da ba a biya shi ba, tare da rasit, ya nemi a haɗa ta cikin ƙarar.

Iyakar haƙƙin kamfani

Maye gurbi yana da iyaka, kuma sanin iyakar kariya ce ga mai kaya. Kamfani ba ya amfani da wannan haƙƙi sai ya biya abin da ke kansa, sai fa in yarjejeniya ta ba shi damar fara bi tun kafin biya. Kuma ba ya ɗaukar fiye da abin da ya biya.

Shari'ar kamfanin Yorkshire da kamfanin jiragen ruwa na Nisbet ta nuna haka. Wani jirgin ruwa ya salwanta a 1945 bayan karo da jirgin yaƙin Kanada, kamfanin inshora ya biya fam 72,000. Aka bi gwamnatin Kanada, ta biya da dalarta a 1958. A tsakani an karya darajar fam a 1949, don haka da aka canza kuɗin sai ya kai kusan fam 127,000. A 1961 kotu ta ce kamfanin inshora fam 72,000 ɗinsa kawai zai ɗauka, rarar kusan fam 55,000 ta masu jirgin ce. Ga mai shigo da kaya ta tashar Fatakwal ko Onne, wanda ake bin masa diyya da dala alhali an biya shi da Naira, wannan hukunci abin riƙewa ne.

A nan ne ya kamata a bambanta maye gurbi da sallama haƙƙi ɗungurungum. Wasu takardun ba cewa suke yi kamfani ya tsaya a gurbin mai kaya ba, cewa suke yi mai kaya ya mallaka wa kamfani haƙƙinsa kacokan. In haka aka rubuta, kamfani zai yi ƙara da sunan kansa, kuma duk abin da ya samo nasa ne, ko da ya zarce abin da ya biya. Dillalin inshora ko lauya zai iya gane wanne ne daga lafazin, kuma ya dace a tambaye shi kai tsaye.

Haka nan kamfani ba ya samun haƙƙin da ya fi na mai kaya ƙarfi. In takardar lodi ta ce kayan suna tafiya ne a kan kasadar mai su, ko ta ƙayyade abin da mai mota zai biya, wannan sharaɗi yana bin kamfani. Shi ya sa wasu kamfanoni suke tambaya tun farko a kan wane sharaɗi ake ba da kaya, kuma ɓoye irin wannan sharaɗi yana iya jawo gardama ranar biya. Wa'adin shigar da ƙara, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha, shi ma yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da ɓarna ta auku, ba daga ranar da inshora ta biya ba.

Masu amfani da takaful su ma suna cin karo da wannan sharaɗi a inshorar dukiya. Bambancin shi ne abin da aka samo yana komawa asusun mahalarta ne, wanda daga cikinsa aka biya diyyar.

Kafin a sa hannu

Matakan da suka fi kare mai kaya suna farawa ne tun ranar haɗari. Ya sanar da kamfani cikin wa'adin da yarjejeniya ta sa. Ya rubuta wa mai mota wasiƙa yana ɗora masa alhakin ɓarnar, ya ajiye kwafi, domin wannan wasiƙa ce take raya haƙƙin da kamfani zai gada. Kada yaronsa ya sa hannu a takardar lodi cewa an karɓi kaya lafiya alhali buhu 200 ne suka iso. A rubuta adadin da ya iso da halin da yake ciki. Kada kuma a sayar da jiƙaƙƙen waken da aka ceto sai mai ƙiyasta asara ya gani, domin kuɗinsa yana shiga lissafi.

Idan takardar maye gurbi ta iso, tambayoyi huɗu sun isa. Shin adadin da aka rubuta shi ne ainihin abin da za a biya? Shin maye gurbi ne gwargwadon wannan adadi, ko sallama haƙƙi ne gaba ɗaya? Wa zai ɗauki kuɗin shari'a? Kuma yaya za a raba abin da aka samo, musamman kason mai kaya da asarar da inshora ba ta biya ba? In an riga an karɓi wani abu daga mai mota, a faɗa kafin a sa hannu, a rubuta shi a jikin takardar.

Idan aka samu saɓanin da ya gagara warwarewa da kamfani, ana iya kai koke ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, kuma tana da sashen sauraron koke-koken masu inshora. Amma koke ba ya dawo da haƙƙin da mutum ya yafe da hannunsa. Falken da ya karɓi diyyar miliyan 9 yana da ikon yin afuwa a kan abin da yake nasa. Afuwa a kan miliyan 9 ɗin kuwa, sai an tambayi wanda ya biya su.